Ruwa ya ci gida, inshora ta ce ba duka ba

Mu dai a unguwar nan inshorar da muka sani ita ce ta mota, wato takardar nan da ake naɗewa a cusa cikin aljihun mota don ranar da jami'an hanya suka tsayar da mutum. Babu wanda ya taɓa karanta ta, babu kuma wanda ya taɓa sa ran za ta biya shi ko sisi. Inshorar gida kuwa, in ka ji mutum yana da ita, to banki ne ya ba shi bashin gini ya tilasta masa. Sauranmu in an yi maganar sai mu ce Allah ya tsare, mu shafa, a ci gaba da hirar siyasa.

Abin da ya ɗan girgiza majalisarmu shi ne ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu, har namun gidan zu suka fito gari. Kafin a gama jimamin wannan sai ga ta Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025. Daga nan mutum biyu a layinmu suka je suka yanki inshorar gida: Alhaji na kwana, mai shago a Kantin Kwari, da Malam, wanda ya yi ritaya daga koyarwa. Kowannensu ya dawo da takarda a cikin ambulan, kowannensu ya jefa ta ƙasan akwati tare da takardar fili, kuma babu wanda ya buɗe shafi na biyu. Haka muke. Da ni ne ko kai, abin da za mu yi ke nan.

Sai damina ta zo da ruwan nan na watan Agusta da ya kwana yana zuba. Lambatun bakin titi, wanda duk mun san abin da muke zubawa a cikinsa tun daga rani, ya toshe a bakin kwalbati, ruwa ya juyo cikin layi, ya shiga gidaje har gwiwa. Da gari ya waye, kowa na kwalfe ruwa da bokiti, amma Alhaji da Malam suna tafiya da wani irin ƙarfin gwiwa, su masu takarda.

Na Malam ya mutu tun a waya. Da ya kira kamfanin, aka tambayi lambar takardarsa, aka duba, aka ce masa inshorar gobara ce zalla ya saya. Irin wannan tana biyan gobara, da tsawa, da fashewar tukunyar gas ta girki, shi ke nan. Ambaliya da guguwa da fashewar bututun ruwa da tarzoma da mota ta kwace ta daki gini, duk waɗannan a wani rukuni suke na ƙarin haɗurra, kuma sai mutum ya nemi a ƙara masa su, ya biya kuɗinsu, an rubuta su a jikin takardar. Malam ya ce shi ejan ce masa ya yi gida ya shiga inshora. Aka ce masa ƙwarai ya shiga, amma ta wuta. Ya zo majalisa da yamma yana cewa, "Yanzu fisabilillahi da gidan ƙonewa ya yi da sun biya ni, amma da yake jiƙewa ya yi sai in ci kaina?" Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma ta ciwo ce. Bambancin kuɗin da ya guje wa bai kai abin da ya kashe a sabon fenti kaɗai ba.

Shi Alhaji ɗansa ne ya raka shi, yaron da ya yi karatun lissafin kuɗi, kuma ya nace sai an sa ƙarin haɗurran, har da ambaliya. Don haka da ya kira, aka ce za a turo mai tantance asara. Alhaji ya zauna da magininsa suka yi lissafi tsaf. Ɓarnar da ruwa ya yi a cikin gida, wato tayil da ya ɗaɗɗago, ƙofofin katako da suka kumbura, filasta da fenti da wayoyin wuta na ƙasa, naira miliyan shida. Bangon ɗakin baya da ya zube, miliyan biyar. Katangar waje da ƙofar gida, miliyan biyu. Silin ɗin falo da ya rufto, miliyan ɗaya. Jimla miliyan goma sha huɗu, kuma tun kafin kuɗin su zo an fara yi masa Allah ya sanya alheri.

Mai tantancewar ya zo da safe, saurayi ne siriri da takalmin roba da awo da ƙaramar guduma. Ba ma'aikacin kamfanin ba ne, sana'arsa ce daban mai lasisi, kamfani ke ɗaukarsa ya gano abu biyu: me ya jawo ɓarnar, kuma nawa ne gyaranta. Mu 'yan kallo mun cika ƙofar gida, har da Injiniya, wanda ya yi shekaru yana duba aikin gini kafin ya ajiye, shi ya riƙa yi mana fassarar abin da yaron yake yi.

Cikin gida bai ɓata lokaci ba. Ya ga layin da ruwa ya bari a bango, madaidaici, tsayi ɗaya a kowane ɗaki, da laka a ƙarƙashinsa. Ya auna, ya ɗauki hoto, ya ce wannan ambaliya ce, babu gardama. Hajiya ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ɗan nan, ga kujeruna da katifu da kafet, ka zo ka gani." Ya rusuna ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, takardar Alhaji ta gini ce. Abin da yake manne da gidan shi ne a ciki. Kayan ɗaki inshorarsu daban." Abin da Hajiya ta faɗa wa Alhaji bayan mun fita ba mu ji ba, amma kwana biyu a shago ya ci abincin rana.

Katangar waje ma magana ɗaya ce. Ya buɗe takardar ya nuna wa Alhaji layin da ya ce ba a biyan ɓarnar guguwa ko ambaliya a kan shinge da ƙofar waje da abin da aka bari a fili, kuma a tasa takardar an ambaci katangar kewaye da sunanta. Injiniya ya ce kada mu ga laifinsu da yawa, domin katanga ita ce marainiyar gida: bulo mai inci shida, tushe bai kai gwiwa ba, babu fila sai a kusurwa, babu kafar da ruwa zai wuce, ga ta doguwa tana tare iska. Kowa ya san ita ke fara faɗuwa, shi ya sa kamfanoni da yawa suke cire ta, ko su ce sai an sa ta da kuɗinta daban.

Da aka zo silin sai ya nemi tsani ya hau. Ya sauko da guntun katako a hannu, ya matse shi da yatsa biyu, ya marmashe, cikinsa duk ramukan gara da busasshiyar ƙasa. Sannan ya ɗaga ɓallen silin ɗin da ya faɗo ya nuna mana bayansa: tabon ruwa zobe a cikin zobe, wani ya yi baƙi, wani ja, wani sabo. Ya ce kowane zobe yoyo guda ne da ya jiƙe ya bushe, kuma ruwan dare ɗaya ba ya yin zobe biyar. Kwanon rufin kuma yana nan daram, iska ba ta ɗage ko ɗaya ba, ƙusoshi ne suka yi tsatsa ramukansu suka buɗe. Da guguwa ce ta yaye kwano ruwa ya zubo, da an biya. Amma yoyo na shekara da shekaru, da gara, da tsatsa, da ruɓewa, duk suna cikin abin da takarda ta kira lalacewa a hankali, kuma wannan aikin mai gida ne. Nan kam babu wanda ya yi magana, domin kusan kowannenmu yana da robar da yake tarawa a tsakar ɗaki in hadari ya haɗo, kuma kowa na cewa sai bayan damina za a kira kafinta. Bayan damina kuma yoyo ya tsaya, to me za a gyara?

Inda aka daɗe shi ne ɗakin baya, kuma a nan ne kuɗin suke. Shi wannan ɗaki ba ya cikin asalin gidan. Alhaji ya ƙara shi ne lokacin da zai yi amarya, cikin gaggawa, a kan ɗan filin da ya rage ta baya, wanda duk tsofaffin unguwa sun san bakin kududdufi ne da aka cike da shara da ɓaraguzan gini. Wannan ba sirri ba ne a Kano, kududdufan da da suke shanye ruwan unguwanni an cike da yawansu an yanka filaye, ruwan kuma bai manta hanyarsa ba.

Yaron ya tsuguna gaban abin da ya rage na bangon ya daɗe yana kallon wata tsaga. Ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace tana bin layin bulo kamar matakala, sama ta fi faɗi, ƙasa ta tsuke. Ya zura yatsa ya fito da ƙura da yanar gizo. Ya nuna inda fenti ya shiga cikin tsagar, alamar an yi fentin ne bayan ta buɗe, da inda aka taɓa liƙe ta da siminti mai launi daban ya sake tsagewa. Injiniya ya raɗa mana cewa sabuwar karaya fes take, bakinta da kaifi, launinta ɗaya da cikin bulo, wannan kuwa ta shekara uku ko fiye. Irin wannan tsaga mai karkata tana nufin gefe ɗaya na tushen yana nutsewa a hankali, abin da ƙasar ciko ta saba yi ke nan. Ya ɗauki bulo guda daga cikin ɓaraguzan, ya kankare shi da makulli, yashi ya zubo. Ya ɗaga shi daidai ƙugu ya saki, ya watse. Ya nemi fila a kusurwar ɗakin bai samu ba, bulo ne kawai aka sarƙa. Linta tana nan a kan taga kaɗai, ba ta zagaye ɗakin ta ɗaure shi ba, rodin cikinta siriri ne kuma ya yi tsatsa domin kankaren da ya rufe shi bai kai kaurin yatsa ba. Da ya tona gindin bangon bai ga shimfiɗar kankaren da ke hana danshi hawa ba, wadda maginanmu suke kira jaman fulo, shi ya sa ƙasan bangon ya yi fari da gishiri, filasta na zubowa.

Alhaji ya ce, "To amma yaro, ai shekara shida bangon nan yana tsaye, sai da ruwan nan ya zo ya faɗi." Yaron ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Amma ruwan nan tsayinsa ɗaya a duk gidan, kuma babban ginin ko tsagewa bai yi ba. Abin da zan rubuta shi ne ruwa ya tarar da bango yana kan hanyar faɗuwa." A takardar akwai layi biyu da suka kama wannan: ɗaya ya cire nutsewar ƙasa da zaman sabon gini a kan ciko, ɗaya ya cire kuskuren zane da rashin ingancin kayan aiki da aikin magini mara kyau.

Wannan layi na biyu shi ne ya fi tsaya mana a rai, domin da mu yake. Kowa ya san yadda muke gini. Mai zane zai faɗi kuɗinsa mu ce ya yi tsada, birkila ya zana da sanda a ƙasa. Buhun siminti da injiniyoyi suke cewa kada a wuce bulo talatin da shi in mai inci tara ne, masu buga bulo su fitar da arba'in ko hamsin, mu kuma mu zaga gari muna neman wanda ya fi araha, kamar ba mu san daga ina arahar take fitowa ba. Kankare da ya kamata a haɗa siminti kashi ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, sai a riƙa ƙara yashi da ido. A zuba shi yau, maimakon a yi mako ana ba shi ruwa ya yi ƙarfi, gobe a ɗora gini a kai. In magini ya ce a sayo rodi mai milimita goma sha biyu, mu sayo mai goma mu ce ai ba bene ba ne. Bayan shekara biyar kuma, da kuɗi suka shigo, mu ce a ɗora bene a kan wannan tushen. Kamfanin inshora ya san duk wannan fiye da mu, shi ya sa ya rubuta tun farko cewa shi tsautsayi yake ɗauka, abin da ya faɗo kwatsam daga waje, ba zai zama mai tsaya wa birkilanmu ba.

A ganina dai a wannan gaɓa Alhaji yana da ɗan abin kamawa, kuma Injiniya ma ya yarda. In ambaliya ta kai ƙarfin da ko bango mai kyau za ta rushe, to ita ce sanadi, raunin bulo bai isa a hana mutum haƙƙinsa ba. Akwai kamfanonin da suke fakewa da wannan layi su ƙi biyan abin da ya kamata su biya, domin da wuya ka sami gida a garin nan da ba za a iya samo masa aibi ba. Mai gida yana da damar ya ɗauki injiniyansa ya rubuta nasa rahoto, kuma in an kasa daidaitawa ya kai ƙara sashen koke na hukumar NAICOM, mai sa ido kan kamfanonin inshora. Sai dai da tsagar nan mai yanar gizo a ciki, Injiniya ya ce ko shi aka ɗauka ba zai iya rantsewa ba.

Saura miliyan shida ke nan, kuma Alhaji ya fara lallashin kansa cewa ai ba a rasa duka ba. Sai yaron ya tambayi nawa aka sa gidan a inshora. Miliyan goma sha biyar. Ya auna faɗin ginin, ya yi lissafi da farashin siminti da rodi da kwano da leburanci na yau, ya ce in za a sake gina wannan gida daga tushe sai an kashe miliyan talatin. Alhaji ya sa sha biyar ne domin abin da ya tuna ya kashe ke nan shekarun baya, kuma ya lura in adadin ya yi ƙasa kuɗin shekara ma suna yin ƙasa, ya ɗauka ya yi wayo. To akwai sharaɗi a takardar da ya ce wanda ya sa rabin darajar gidansa, shi ya ɗauki nauyin ɗaya rabin da kansa, a kowace asara, ƙarama ko babba. Rabin miliyan shida, uku. Daga ciki kuma aka cire kason da mai gida ke fara ɗauka a duk ɓarnar ambaliya, wanda a tasa takardar kashi goma cikin ɗari ne, wato dubu ɗari uku. Abin da ya shigo asusun Alhaji miliyan biyu da dubu ɗari bakwai, daga sha huɗun da ya lissafa.

Da aka baje lissafin a majalisa, mai shayi ya ce shi ya sa shi bai yarda da su ba, kura ce da fatar akuya. Wani ya ce ai da ma haramun ce. Liman ya ce a yi a hankali, malamai da yawa sun ƙyamaci inshorar da aka saba saboda riba da rashin tabbas, amma akwai takaful, wadda NAICOM ta fitar wa da ƙa'idoji tun 2013, inda kowa ke ba da gudummawa cikin asusu ɗaya a taimaki wanda tsautsayi ya faɗa wa, in an sami rara a raba. Ɗan Alhaji ya ce, "Haka ne, Allah ya gafarta Malam, amma ita ma takaful ba ta biyan gara da bulo mai yashi. Kuɗin jama'a ne, ba za a ɗauka a gyara wa mutum abin da ya ƙi gyarawa ba."

Shi yaron ne ma ya ɗauko takardar mahaifinsa ya karanta mana sauran shafin, kuma kusan kowane layi sai wani ya yi gyaran murya. In gida ya zauna babu kowa fiye da kwana talatin ba a sanar da kamfani ba, inshorar na iya tsayawa. Wani Alhaji da ke kulle gida ya kwashe iyali zuwa Abuja ya kalli ƙasa. In an canja amfanin gidan ba a faɗa ba, kamar a fasa zaure a yi shago, ko a jibge jarkokin fetur a bayan gida, to ranar gobara za a yi dogon turanci. Nan mutum uku suka kalli ƙasa. Yaƙi da ta'addanci ba sa ciki. Kuma doka ta ce in ba a biya kuɗin shekara ba babu inshora, ko da kwana ɗaya ne ya wuce, ko da ejan ya ce kada ka damu.

Abin mamakin shi ne Alhaji ya sabunta tasa, wannan karon a miliyan talatin, ya sa katanga da kuɗinta, Hajiya kuma ta tsaya a kansa har sai da aka haɗa da kayan ɗaki. Ɗakin baya ana sake shi da fila huɗu da linta mai zagaye, Injiniya na zuwa kullum yana faɗa da birkila a kan yashi. Malam ya ƙara ambaliya a tasa. Sauranmu har yanzu muna kan Allah ya tsare.

Lambatun kuwa yana nan a toshe. An tara kuɗin yashe shi, an ba matasa, sun kwashe ledoji da laka sun jibge a bakinsa, ruwan farko ya mayar da su ciki. Jama'ar layi, mai unguwa ya ce a fito ranar Asabar bayan sallar asuba, kowa da shebur ɗinsa, kuma a wannan karon a nemo baro a kai sharar bola.